Yadda ake gano adireshin da ke ɓoye cikin hoto, a goge shi kafin a tura

Duk hoton da waya ta ɗauka yana ɗauke da wani rubutu da ba a gani a fuskarsa. A cikin fayil ɗin ne yake, ana kiransa EXIF, kuma a nan waya ke rubuta samfurinta da ranar ɗauka da lokaci. Idan an ba kyamara izinin sanin wuri, takan ƙara lambobin GPS na inda mai ɗauka yake tsaye. A fili, inda rufi bai tare sama ba, kuskuren lambobin nan bai cika wuce 'yan mitoci ba. Wato mai hoton a hannunsa ba unguwa irin Unguwar Rimi ko Malali a Kaduna kawai zai gane ba, har layin da ƙofar gidan. A watan Disamba na 2012, lokacin da John McAfee, wanda ya kafa kamfanin manhajar kare kwamfuta na McAfee, yake gudun 'yan sandan ƙasar Belize, 'yan jaridar mujallar Vice sun wallafa hotonsa da aka ɗauka da iPhone ba su goge lambobin ba, nan take aka gane yana Guatemala. A garin da masu garkuwa da mutane ke bibiyar wanda suke ganin yana da hali, ba sai an yi dogon bayani ba.

Abin da za ka tanada

Wayar da hoton yake ciki, da manhajar hotuna da ta zo da ita ko `Google Photos`. Sai `Google Maps`, don ka ga inda lambobin ke nunawa. Sai wata na'ura ta biyu ta gwaji: kwamfuta ta fi, idan babu, wayar wani na gida ta isa. Mai Android zai amfana da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna `Scrambled Exif`. Wanda ke tura hotuna da yawa, kamar mai ɗaukar hoton biki ko dillalin filaye da motoci, ya sauke `ExifTool` a kwamfutarsa. Gogewar kanta ba ta cin data, sai dai saukar da manhajar, duba taswira da gwajin turawa.

Kafin ka taɓa komai, ka yi kwafin hoton, ka yi aiki a kan kwafin. Ainihin hoton da lambobinsa yana da ranarsa: hoton fili da aka saya, ko na ɓarnar da ambaliya ta yi, ko na aikin kwangila da za a nemi biya a kansa, lambobin su ne shaidarka.

1. Fara duba ko akwai wurin a ciki

A `Google Photos`, buɗe hoton ka ja shi sama da yatsa. Bayanansa za su fito a ƙasa: rana, girman fayil, samfurin waya. Idan ka ga ƙaramar taswira da sunan unguwa, akwai wuri a tare da shi. A wayoyin Tecno, Infinix da itel, buɗe hoton a manhajar hotuna, ka taɓa ɗigo ukun nan ko alamar `i`, ka zaɓi `Details`. A iPhone ma jan hoton sama ake yi, ko a taɓa `i`.

A kwamfuta mai Windows, danna hoton da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi `Properties`, sannan `Details`. Gangara ƙasa. Idan akwai sashe mai suna `GPS` da `Latitude` da `Longitude` a ƙarƙashinsa, ga su nan.

Akwai tarko a nan da ke yaudarar mutane da yawa. Tun daga Android 10, wayar tana ɓoye lambobin wuri ga duk manhajar da ba a ba ta izini na musamman ba. Sai mutum ya sauke wata manhajar duba EXIF, ta nuna masa babu komai, ya saki jiki, alhali lambobin suna nan daram a fayil ɗin, manhajar ce aka rufe wa ido. Saboda haka idan manhajar waya ta ce akwai, ka yarda. Idan ta ce babu, kada ka yarda sai ka kai fayil ɗin kwamfuta ta kebul ka duba da kanka.

2. Karanta lambobin ka ga abin da baƙo zai gani

Wannan matakin ba dole ba ne a kowane hoto, amma ka yi shi ko sau ɗaya, domin wanda ya ga rufin gidansa a taswira ba ya sake wasa da maganar.

A ce wata baiwar Allah tana sayar da atamfa da leshi daga gida. Ta shimfiɗa kaya a tsakar gida don hasken rana, ta ɗauka, ta sa a sitatus. Sai wata lamba da ba ta sani ba ta yi magana: “Hajiya, barka da yamma. Kalar ba ta fito sosai ba, don Allah ki turo min a `Document` in ga zanen da kyau.” Magana ce ta yau da kullum a harkar, kuma galibi mai sayen da gaske take. Amma ga abin da ke cikin fayil ɗin idan an buɗe shi a Windows. Na zaɓi lambobi dunƙulallu na tsakiyar Kaduna don misali kawai:

```
Latitude    10; 31; 12.0
Longitude   7; 26; 24.0
```

Lamba ta farko digiri ce, ta biyu minti, ta uku sakan, kamar yadda ake raba awa. Minti 60 ne digiri ɗaya, sakan 3,600 ne digiri ɗaya. Don ka mayar da su lambar da taswira ke karɓa cikin sauƙi, sai ka raba mintin da 60, ka raba sakan ɗin da 3,600, ka tara da digirin. A layin farko, 31 raba 60 ya ba da 0.51667, 12 raba 3,600 ya ba da 0.00333, jimla 10.52. A layi na biyu, 26 raba 60 ya ba da 0.43333, 24 raba 3,600 ya ba da 0.00667, jimla 7.44. Sai ka rubuta `10.52, 7.44` a wurin bincike na `Google Maps`, ka sauya zuwa hoton tauraron ɗan'adam.

Abin lura shi ne girman kowace lamba a ƙasa. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, minti ɗaya kusan kilomita 1.85, sakan ɗaya kuwa kusan mita 31. Waya tana rubuta har gutsuren sakan. Duk hoton da aka ɗauka a cikin garin Kaduna zai fara da digiri 10 da digiri 7, wannan ba sirri ba ne. Sirrin yana cikin sakan ɗin, su ne ke raba gidanka da na maƙwabci. Ga kuma rana da lokaci a gefe. Hotuna biyar ko shida daga wuri ɗaya, duk da misalin ƙarfe huɗu na yamma, sun gaya wa mai nazari inda kake kwana da lokacin da ake samunka a gida.

3. San hanyar da za ka tura

Nan ne gundarin aikin, domin hoto ɗaya yana iya fita tsaf ta wata hanya, ya fita da adireshinka ta wata.

Idan ka tura hoto a WhatsApp ta hanyar da aka saba, wato ka zaɓe shi a matsayin hoto, manhajar tana matse shi ta sake gina fayil ɗin, lambobin wuri su zube a hanya. Shi ya sa hoton ke rage kyau, shi ya sa kuma sitatus ɗin Hajiya bai tona komai ba. Amma `Document` ainihin fayil ɗin yake ɗauka ya miƙa yadda yake. Haka aika hoto a matsayin `File` a Telegram. Haka imel, Bluetooth, Xender, kebul, filash, katin memori, da mahaɗin `Google Drive`. Duk hanyar da ake yabo da cewa ba ta rage ingancin hoto, ka ɗauka ba ta rage komai ba, har da wurin.

Facebook, Instagram da X suna cire lambobin daga kwafin da jama'a ke gani. Sai dai fayil ɗin ya isa hannun kamfanin kafin a cire, kuma wannan tsarinsu ne na yau, ba alkawari suka yi maka ba. Shafukan tallan kaya, na neman aiki da na ƙananan ƙungiyoyi kuwa kowa da halinsa, wasu suna ajiye fayil yadda aka ɗora shi. Ni dai shawarata, duk hoton da aka ɗauka a gida, ko makarantar yara, ko shago, a goge shi tukuna ko da ina za shi.

Ga Hajiya mai atamfa, mafita mafi sauƙi ita ce ta tura a matsayin hoto ta taɓa alamar `HD` da ke sama kafin aikawa. Zanen zai fito fiye da na da. Idan mai sayen ta nace sai `Document`, to sai an bi mataki na gaba.

4. Goge wurin

*A iPhone.* Zaɓi hoton, taɓa alamar turawa. A saman allon akwai `Options`. Shiga ka kashe `Location`, sannan ka zaɓi inda za ka tura. Wannan kwafin da ke fita kawai yake tsaftacewa, na wayarka yana nan da wurinsa, kuma sai ka maimaita a kowane turi, ba ya zama a kashe. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a shiga WhatsApp ko imel a jawo hoton daga can, ba a bi ta wannan allon ba. Idan kana so ka cire daga hoton da ke cikin wayar, ja shi sama, taɓa `Adjust` a gefen taswirar, ka zaɓi `No Location`.

*A Samsung.* Buɗe hoton a `Gallery`, shiga bayanansa, taɓa `Edit`, ka cire wurin da alamar cirewa da ke gefen adireshin, sannan `Save`. A sababbin samfura, allon turawa ma yana da zaɓin cire bayanan wuri.

*A Tecno, Infinix, itel da sauran Android.* A nan ne `Scrambled Exif` ke da amfani. Ba buɗe ta ake yi a nemo hoto ba. Daga manhajar hotuna za ka taɓa `Share`, ka zaɓi `Scrambled Exif` a jerin, ta yi tsaftataccen kwafi da sabon suna, sai allon turawa ya sake buɗewa ka zaɓi inda za shi. Kada ka dogara da `Google Photos` wajen gogewa. Tana barin ka gyara wurin da kai ka rubuta ko wanda ta ƙiyasta, amma wanda kyamara ta rubuta a fayil ba ta cire shi.

*A Windows.* A allon `Details` ɗin nan, can ƙasa akwai rubutu mai cewa `Remove Properties and Personal Information`. Danna shi, ka zaɓi `Create a copy with all possible properties removed`, sannan `OK`. Sabon fayil zai bayyana a foldar da kalmar `Copy` a sunansa. Shi za ka tura. Sau da yawa mutum yakan yi aikin daidai, sannan garin sauri ya jawo tsohon fayil ɗin domin sunayen sun yi kama. Ka ƙirƙiri folda dabam ta hotunan turawa, ka mayar da kwafin can nan take.

*Idan babu komai a hannu.* Buɗe hoton ya cika allo, ka ɗauki sikirinshot, ka yanke gefe-gefen, ka tura sikirinshot ɗin. Sabon fayil ne, bai gaji lambobin tsohon ba. Ingancinsa zai tsaya iya na allon wayar, don haka ya isa tallan kaya amma bai isa bugawa a babban kati ba.

Akwai abubuwan da mutane ke yi suna zaton sun goge, alhali ba su taɓa lambobin ba. Canza sunan fayil ba ya gogewa. Yanke hoto ko sa masa kala a manhajar waya galibi yana kwashe bayanan zuwa sabon kwafin. Matse hotuna cikin `zip` ba ya gogewa, mayar da hoto PDF ma ba abin dogaro ba ne, domin wasu manhajoji suna cusa ainihin hoton ciki da duk kayansa. Shafukan intanet masu cewa ɗora hotonka mu goge maka kuwa, ka riga ka miƙa wa wanda ba ka sani ba abin da kake ɓoyewa.

5. Ga mai hotuna da yawa

Mai hoton biki da ya dawo daga walima da ɗaruruwan hotuna ba zai bi su ɗaya bayan ɗaya ba. `ExifTool`, wadda Phil Harvey ya rubuta, kyauta ce kuma ita na fi yarda da ita, domin tana ganin har wuraren da Windows ba ya dubawa. Fayil ɗaya yana iya riƙe wuri a fiye da sashe ɗaya, musamman idan ya bi ta manhajar gyaran hoto da ta rubuta nata bayanan. A Windows, bayan ka sauke ka warware ta, ka canza sunan `exiftool(-k).exe` zuwa `exiftool.exe`, ka sa hoton ko foldar hotunan a wannan foldar, ka buɗe `Command Prompt` a cikinta.

Don ganin lambobin kai tsaye ba tare da lissafin mataki na biyu ba:

```
exiftool -n -gpslatitude -gpslongitude hoto.jpg
```

Don tsaftace duk hotunan da ke foldar `biki`, a zuba kwafinsu a sabuwar folda ba a taɓa na asali ba:

```
exiftool -all= -tagsfromfile @ -orientation -icc_profile -o tsaf/ biki/
```

Sashen `-all=` shi ne mai share komai. Abin da ya biyo baya yana dawo da abu biyu da ba su da haɗari. Na farko shi ne bayanin tsayuwar hoton. Waya takan ajiye hoto a kwance ta rubuta cewa a miƙar da shi lokacin nunawa, to idan wannan ya tafi sai amarya ta fito a kishingiɗe. Na biyu bayanin kala ne, rashinsa kan sa jan leshi ya koma wani iri a wasu allunan. Idan ka yi amfani da `-all=` ba tare da `-o` ba, manhajar za ta bar tsohon fayil a gefe da ƙarin `_original` a ƙarshen sunansa. Wannan tsohon yana nan da lambobinsa, kada ka haɗa foldar gaba ɗaya ka tura.

6. Gwada kwafin da zai isa hannun mutum

Kada ka duba hoton da ke wayarka, ka duba wanda ya fita. Tura wa kanka tsaftataccen kwafin ta ainihin hanyar da za ka bi: idan `Document` ne, ka tura wa lambarka ko ta wani na gida a `Document`, idan imel ne, imel. Sauke shi a na'ura ta biyu, ka maimaita mataki na ɗaya. A Windows sashen `GPS` zai ɓace gaba ɗaya. A `ExifTool`, wannan umarnin bai kamata ya fito da layi ko ɗaya ba:

```
exiftool -a -G1 "-*gps*" hoto.jpg
```

Idan ka ga samfurin waya da ranar ɗauka sun ɓace tare da wurin, an yi shara mai kyau. Idan suna nan amma wurin babu, wurin kaɗai aka cire, kuma ya wadatar idan shi ne damuwarka. Ba sai ka yi gwajin a kowane hoto ba, amma ka sake shi duk lokacin da ka canza waya ko manhajar ta sabunta.

7. Toshe abin daga tushe

A iPhone: `Settings`, `Privacy & Security`, `Location Services`, `Camera`, ka zaɓi `Never`. A Android, buɗe kyamara ka shiga saitinta. Samsung na kiran abin `Location tags`, wasu `Save location`, wasu `Location` kawai. Hanyar da ta fi tabbas a kowace Android ita ce ka danne alamar kyamara, ka shiga `App info`, sannan `Permissions`, `Location`, ka hana. Kashe data ko cire sim ba ya hana komai, domin waya daga tauraron ɗan'adam take karɓar wurin. Wannan gyaran kuma sababbin hotuna kawai ya shafa, tsofaffin suna nan yadda suke. Ka duba wayoyin yara da na matan gida ma, tunda daga tsakar gida ɗaya ake ɗauka.

8. Dubi hoton da ido

Babu manhajar da za ta goge abin da ke fuskar hoto. Masu aikin sa ido a ƙauyuka da 'yan kwangila suna amfani da manhajojin kyamara da ke buga adireshi da lambobi a ƙasan hoton, sai mutum ya manta ya ɗauki iyalinsa da ita. Wannan sai an yanke. Ka faɗaɗa hoton ka bi shi kusurwa-kusurwa: lambar mota, lambar gida a jikin geti, bajon makaranta a rigar yaro, allon shagon da ke tsallake, hasumiyar masallacin da duk ɗan unguwa ya sani. Wanda ya tashi a Kaduna, da ya hango gadar Kawo ko wani gini na titin Ahmadu Bello a bayanka, ba ya buƙatar wata lamba. Idan za ka rufe wani abu, ka shafe shi da kala mai kauri, dusashewa kaɗan ba ta hana karanta manyan lambobi.

Bidiyo ma yana ɗaukar wuri, kuma Windows ba lallai ya nuna maka ba. Kashe `Location` a allon turawa na iPhone yana aiki a kansa, kuma umarnin dubawa na mataki na shida yana karanta fayil ɗin bidiyo.

Idan hoton ya riga ya fita a `Document`, WhatsApp na ba da kusan kwana biyu a yi `Delete for everyone`, amma hakan ba ya taɓa kwafin da mutum ya riga ya adana ko ya tura gaba. Mahaɗin `Google Drive` ya fi sauƙi: ka janye izinin shiga, ka cire tsohon fayil, ka ɗora tsaftatacce, ka ba da sabon mahaɗi. Idan wanda ya karɓa baƙo ne kuma take-takensa ba su kwanta maka ba, ka ɗauka ya san gidan, ka sanar da mutanen gida da mai gadi, ka kuma mayar da wurin karɓar kaya zuwa wani shago a bakin titi.